Haruffa Sittin

Magatakarda ya yi shekara talatin da ɗaya yana zaune ƙarƙashin kujerar alƙali yana rubuta abin da mutane suka faɗa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa zubar wa kowa da kalma ba. In shaida ya yi tari, sai ya rubuta cewa ya yi tari. Ya yi ritaya da wannan hali, ya dawo da shi gida, har 'ya'yansa suka daina ba shi saƙon baka, don in ya isar sai ya haɗa da gunagunin da suka yi kafin su ba shi.

Yayarsa ungozoma ce, ta yi shekara arba'in a ɗakin haihuwa na asibiti. Wata shida kafin rasuwarta abokan aikinta suka ɗauko mai kyamara ya yi hira da ita, minti ashirin da biyu, don a riƙa nuna wa sababbin ɗalibai. Bayan an yi makoki an watse suka aiko wa gidan da bidiyon. Kowa ya kalla ya share hawaye. Mutum ɗaya ne ya kalla bai ji komai ba, shi ne mijinta, Kafinta, wanda ƙarar injin tsaga katako ta cinye wa kunne tun shekaru goma da suka wuce.

Kafinta ya zauna gaban talabijin ya ga bakin matarsa yana motsi. Wajen minti na sha bakwai ta yi wata magana da sauri, sannan ta sunkuyar da kai ta yi wani murmushi da bai taɓa ganin ta yi wa kyamara ko wani baƙo ba. Ya sa aka tsayar. Ya tambaya da ƙarfi, kamar yadda kurame suke yi, me ta ce a nan. 'Yarsa ta ɗauko biro za ta rubuta masa, ya riƙe hannunta.

Magatakarda ya ga aiki ya zo gidan gwani. Ya kakkaɓe tsohuwar tafiretarsa, ya yi kwana huɗu yana saurare yana bugawa, ya kawo shafi goma sha ɗaya, babu ko "to" ɗaya da ya ɓace. Kafinta ya auna takardun a tafin hannu, ya miƙa masa abinsa.

"Wannan maganarka ce, ɗan rainona. Takarda ba ta da fuska. Ni daga bakinta nake so."

Tun daga ranar bai ƙara tambaya ba. Kullum da hantsi sai ya kunna bidiyon ya zauna, in ya kai minti na sha bakwai ya kashe. Abinci ya koma taɓawa kawai yake yi. 'Yar ta gaya wa kawunta cewa in ba a yi wani abu ba, Baba zai bi Inna kafin shekara ta zagayo. Mai kyamarar ne ya ba su shawara a saka rubutu a ƙasan hoton, yana fitowa daidai lokacin da take magana, ya kuma kwatanta musu wata mata da wannan ne sana'arta. Ya ce a wurin aiki Almakashi suke ce mata. Magatakarda bai ji daɗin sunan ba tun kafin ya ga mai shi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon ɗinki, ana jin ƙarar kekuna ta ƙarƙashin ƙafa. Tebur, fanka, allon kwamfuta biyu, da wata kujerar roba ta baƙi. Matar za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, da tabarau rataye a wuya. Ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa ta'aziyya, ta karɓi shafukan ta duba, ta ce ba ta taɓa ganin rubutu mai tsafta haka ba. Har ya fara sakin fuska. Sai ta ce abin da zai shiga ƙasan hoton ba zai kai rabin wannan ba.

Ya ajiye hularsa a gwiwa ya yi mata wa'azi. Ya ce maganar mamaci amana ce. Ya ce wanda ya rage wa shaida kalma ɗaya ya yi ƙarya ko da sauran duk gaskiya ne, kuma 'yan zamani sun mai da ƙyuya sana'a sun sa mata suna. Ta bar shi har ya gama. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Baba, ba ni minti goma," ta ɗauki minti ɗaya na farkon hirar ta zuba masa kalmominsa dukansu yadda ya buga su, ta kashe sauti, ta juyo masa da allon.

Yaya mai saurin baki ce tun tana yarinya. Rubutun ya riƙa faɗowa layi uku, layi huɗu, yana rufe mata haɓa, yana ɓacewa. Magatakarda, da yake karanta hukuncin kotu a tsaye ba ya tuntuɓe, ya kama farkon jimla ta farko, ya rasa ƙarshenta, ya kama tsakiyar ta biyu. Da minti ya cika ta tambaye shi me Yaya ta ce. Ya faɗi abin da ya riga ya sani daga takarda. Ta ce to wane launin mayafi ta yafa. Minti guda yana kallon yayarsa, bai ga yayarsa ba.

Sannan ta yi masa bayani, a taƙaice, kamar mai gaya wa baƙo dokar gida. Kunne ya fi ido sauri, kuma idon nan guda shi zai karanta, shi zai kalli fuska. Layi biyu ne iyaka. Kowane layi kada ya wuce haruffa arba'in da biyu, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Rubutu kada ya zauna ƙasa da sakan ɗaya, don ba za a gan shi ba, kada kuma ya wuce sakan shida ko bakwai, don ido zai koma ya sake karantawa. Ga mai karatu na yau da kullum tana ba da haruffa sha biyar zuwa sha bakwai a kowane sakan. Amma wannan aikin na mutum ɗaya ne, don haka tana son ta san yadda shi wannan mutumin yake karatu. Ta buga wasu layuka a takarda ta ce ya kai wa Kafinta ya duba agogo.

Ya je ya gwada, yana jin kunya kamar mai leƙen asiri. Kafinta yana bin rubutu da yatsa, leɓensa yana motsi. Da aka raba, haruffa goma ne a sakan. Magatakarda ya dawo da lissafin yana sa ran za ta ce ba zai yiwu ba. Ta rubuta goma a wani gurbi a kwamfutar, ta ce daga yanzu duk layin da ya wuce ƙarfin idon Kafinta zai yi ja.

Ya ce zai zauna ya ga abin da za a yi wa maganar yayarsa. Nufinsa gadi. Ta ba shi kujerar roba da abin sawa a kunne guda.

A ƙasan allon muryar Yaya ta zama zane, tudu da kwari kamar haƙoran zarto, inda ta ja numfashi kuma fili. Matar tana ɗora farkon rubutu a kan tudun farko, daidai inda murya ta tashi, ba gaba ba baya. Ta nuna masa cewa kowane sakan hotuna ashirin da biyar ne a jere, tana kuma matsawa hoto ɗaya ɗaya da ɗan yatsa. Tsakanin rubutu da rubutu tana barin hoto biyu fanko, abin da bai kai ƙiftawa ba, don ido ya gane an sauya. Magatakarda ya yi shekaru yana ganin sakan ƙaramin abu ne. Ranar ya ga mace ta shiga cikin sakan guda ta zauna, tana gyara kaya kamar ɗakinta.

Yankan kuwa shi ya fi ɗaure masa kai. Yaya ta yi sakan biyar tana cewa ita dai, a ganinta, kuma ta sha gaya wa yara, wato ɗalibai, in mace ta shigo kada ka fara da takarda, ka fara duba ta tukuna. Matar ta saurara sau uku ido a rufe, ta buga:

Mace in ta shigo, ita za ka fara dubawa,
ba takarda ba.

Ya yi ja da ɗan kaɗan. Ta ga Yaya ta ja numfashi bayan maganar, ta ƙara wa rubutun rabin sakan a cikin wannan shiru, jan ya tafi. Magatakarda ya nemi abin da ya ɓace ya rasa. Ya ma fi jin muryar Yaya a cikin wannan fiye da cikin nasa shafin. Da ya ce me ya sa ba ta cika layin sama ta zuba sauran a ƙasa ba, ta ce ba a karya magana sai a gaɓarta, kamar rake. In ka raba "ba" da "takarda", ido zai yi tuntuɓe, tuntuɓe kuma lokaci ne. Inda Yaya ta yi dariya ta rubuta dariya a cikin baka biyu, don wanda ba ya ji ya san ba tari ba ne. Inda Yaya ta ce wa wani likita "ɗan nema", ta bar shi, ta yanke wata kalma mai nauyi a madadinsa, ta ce wannan ce Yaya, waccan kowa ma zai iya faɗa.

Kwana uku yana zuwa da safe yana tafiya da la'asar. A rana ta biyu ya daina wa'azi. Masu ɗinki na ƙasa suka fara ce masa sabon ɗan koyo, suna tambaya ko an ba shi almakashinsa. Shi kuwa a zuciyarsa ya san ko share ɗakin bai cancanta ba. Yakan dubi yatsunta ya ce a ransa, Allah mai raba baiwa, ka ɓoye wannan a saman shagon tela.

A rana ta uku suka kai minti na sha bakwai. Mai hirar ya tambayi Yaya yadda gida ya jure wa aikinta. Ta amsa a numfashi ɗaya:

"Shi kuwa maigidan, ai shi, wallahi, me zan ce, ya yi haƙuri, ya yi haƙuri da ni, ko yaushe na dawo ruwan wankana da zafinsa, bai taɓa cewa komai ba."

Sakan shida cif. Haruffa kusan ɗari da hamsin. Tana rufe baki hoto ya sauya, kyamara ta matso kusa da fuskarta, ta sunkuya ta yi murmushin nan, sakan uku babu magana. Idon Kafinta a sakan shida haruffa sittin zai ɗauka.

Matar ta saurara, ta buga:

Maigidana ya yi haƙuri da ni,
bai taɓa cewa komai ba.

Hamsin da biyu. Babu ja. Ta ce haƙurin sau biyu Yaya ta faɗe shi, shi ne kan maganar, ruwan misali ne kawai, misali kuma shi ake fara saukewa in kaya sun yi nauyi. Ta kai hannu za ta wuce.

Magatakarda ya ce ta dakata. Muryarsa ba ta wa'azi ba ce wannan karon, don haka ta cire abin kunnenta ta juyo.

Ya gaya mata cewa a gidan Yaya ya yi karatun sakandare, shekara biyar yana kwana a ɗakin da ke jikin shagon katako. Yaya ba ta da lokacin dawowa. Haihuwa ba ta san agogo ba. Kafinta yakan tara ɓawon katako da garin zarto a bayan shago, ya ɗora tukunya, ya riƙa iza wuta yana ragewa, wani lokaci awa huɗu, don kada ruwan ya huce kuma kada ya ƙone. In ya ji takunta a bakin ƙofa sai ya juye a bokiti ya ajiye a bayi, ya koma kan bencinsa ya ɗauki guduma kamar bai san komai ba. Abokan sana'arsa sun yi masa dariya har sun gaji. In Yaya ta tambaya, sai ya ce yaran ne. Yaran suka girma suka bar gida, ruwa bai daina zafi ba, shi kuma bai daina cewa yaran ne ba. Ita ma ba ta taɓa ce masa ta gane ba. Shekara arba'in suna wannan wasa, har ta tafi.

"Haƙuri kowa ya faɗa masa a wurin makoki," in ji shi. "Mutum ɗari uku sun rubuta masa a takarda. Ruwan nan kuwa, bai san ta sani ba."

Matar ta ce ta yi kuskure, ta faɗa a fili ba tare da kwana-kwana ba, abin da Magatakarda bai ji sau biyar ba a shekara talatin da ɗaya na kotu. Ta ce kwamfuta tana ƙirga haruffa, ita tana auna magana, amma nauyin wannan a gidansu yake, ba a cikin bidiyon ba.

Ya roƙe ta a saka duka biyun. Suka gwada, ya kai sittin da shida, ya yi ja. Ya ce a raba shi gida biyu, ta ce sakan shida ko an raba shi shida ne. Ya ce to ga sakan uku nan na shiru a gaba, a bar rubutun ya zarce a kai, ai ta yi haka a wani wuri. Ta ce can hoto bai sauya ba. In hoto ya sauya rubutu yana nan, ido yakan ɗauka sabo ne ya koma farko. Kuma ko da ba haka ba, ta sake kunna wurin a hankali ta nuna masa da biro.

"Baba, wannan murmushin shi ya sa ya tsayar da bidiyon. In na bar rubutu a nan, kansa yana ƙasa yana haɗa baƙi, ita tana yi masa murmushi a sama. Ka zaɓa."

Ta tura masa allon bugawa gabansa. Ta ce shi ya san gidan, shi zai yanka.

Magatakarda ya dubi yatsunsa. Da su ya buga shaidar ɓarayi da ta masu gaskiya bai rage wa kowa ba. Ya goge "wallahi", ya ji kamar ya cire wa Yaya ɗankunne. Ya goge "me zan ce". Da ya zo kan haƙurin ya daɗe, fanka tana juyawa, kekunan ɗinki suna ta yi a ƙasa. Ya goge na farko. Ya goge na biyu. Ya goge "bai taɓa cewa komai ba", don wanda za a nuna wa ya fi kowa sanin bai ce ba. Abin da ya rage:

Maigidan kuwa, ko yaushe na dawo,
ruwan wankana da zafinsa.

Hamsin da takwas. Matar ta ɗora farkonsa a kan tudun farko na muryar, ta sauke ƙarshensa hoto biyu kafin sauyin. Ta kashe sauti suka kalla. Rubutun ya zo, ya zauna, ya ɗauke kansa, fuskar Yaya ta cika allon babu komai a ƙasanta. Mutane da yawa suna tsammani amana ita ce ka juye wa mutum duk abin da aka ba ka a gabansa, ko ya iya ɗauka ko bai iya ba, kai dai ka fita. Wannan sauke nauyi ne. Magatakarda ya yi shekara talatin da ɗaya yana sauke nauyi, sai a kan kujerar roba ya ga yadda ake isar da saƙo.

Ranar da aka gama ya kai bidiyon da hantsi, lokacin da Kafinta ya saba zama. 'Yar ta gyara wa mahaifinta tabarau, ta kunna, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Magatakarda ya zauna gefe, ba allon yake kallo ba, idon surukinsa yake kallo. Ya ga yana sauka ƙasa, leɓe yana motsi, yana gamawa, yana hawa kan fuska, yana jira, wani rubutun yana zuwa kamar an san ya shirya. Ko sau ɗaya bai ce a tsayar ba. A wurin "ɗan nema" ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce ai ya san likitan.

Minti na sha bakwai ya zo. Leɓensa ya bi layin sama, ya bi na ƙasa, ya rufe. Idonsa ya ɗago daidai lokacin da ta sunkuya.

Bai kashe ba. Ya bar bidiyon ya tafi har ƙarshe, karo na farko. Da allon ya yi baƙi ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ta rufa mini asiri," ya ce, da ƙarfinsa na kurma, har maƙwabta za su iya ji. "Sau ɗaya ya huce. Ranar da ruwan sama ya jiƙa mini garin zarto. Ta shiga ta yi wankanta ta fito ba ta ce uffan ba."

Ya juya ya dubi 'yarsa ya tambaya ko akwai sauran abin da ta dafa da safe. Ta fita da sauri tana rufe baki da mayafi. Sannan ya dubi Magatakarda, ya nuna allon da haɓa, ya ce wa ya koya wa matarsa magana a hankali haka, ita da ko alƙali ba ya iya tsayar da ita.

Magatakarda ya ɗauko biro da takarda don ya ba shi amsa. Ya fara da bayanin matar da ofishinta da shagon ɗinki, ya kai layi huɗu. Ya tsaya ya dubi tsohon da yake jira da tabarau a hannu. Ya soke duka, ya juya bayan takardar, ya rubuta: Wata gwana ce. Gobe zan kai ka.